Babi na 6: Jin ra'ayin mutane kan sunaye uku da zaɓen ɗaya

A babin da ya wuce mun tace sunaye har suka rage uku. Misalinmu na nan yadda yake, wato ƙungiyar mata masu turara shinkafa a Argungu da ke son sunan da za a buga a jikin buhu. Sunayen da suka rage su ne Albarka, Matan Fada da Tsabar Kabi. Ku cire waɗannan ku sa naku, aikin ɗaya ne.

Darasi na 1: Wa za a tambaya

Mutum 7 sun isa. Ku rubuta su a littafi, kowa da layinsa, daga 1 zuwa 7. Kada ya zama duk 'yan gidanku ne, domin ɗan gida yana jin nauyinku. Ku sa mata 3 da ke sayen shinkafa don girki, da mai shago ko mai awo 2, da dattijo 1 wanda ya san magana da habaici. Na bakwai ya zama wanda Hausa ba harshen uwarsa ba ce, kamar Bazabarme ko Bafulatani ko mutumin Zuru. Kalma mai kyau a bakinmu tana iya zama abin dariya a wani harshe, kuma buhunku zai je kasuwar Kamba da ta Jega, inda ake cuɗanya da mutane iri-iri.

Darasi na 2: Yadda ake tambaya

A nan ne aka fi tuntuɓe, don haka za mu daɗe.

Ku yanko takarda 3 masu girma ɗaya. Kowace ku rubuta suna ɗaya da manyan baƙaƙe, da biro ɗaya. Kada ku yi wa ɗaya ado ko ku ja masa layi. Idan rubutu bai zauna muku ba tukuna, ba komai, ku rubuta a hankali, baƙi bayan baƙi. Wanda za ku tambaya in bai iya karatu ba, ku karanta masa, murya ɗaya ga duka ukun.

Ga doka ta farko: mutum ɗaya ake tambaya, shi kaɗai. Ba a tara su a zaure ko a tsakar gida. In aka tara su, da zarar babba ya ce wannan ya fi, sauran sai su ce haka ne. Kun tambayi mutum 7 amma amsar mutum 1 kuka samu.

Doka ta biyu: kada ku nuna wanda kuke so. Ku sake karanta wannan layi. Kada ku nuna wanda kuke so, ko da baki, ko da murmushi, ko da hannu.

Na ga wata ɗaliba a aji ta gwada da maƙwabciyarta. Ta ce, "Yaya, ga sunaye uku, amma ni dai Albarka ya fi kwanta mini, ke fa?" Me ake jira Yaya ta ce? Ta ce Albarka, mana. Wannan ba tambaya ba ce, neman shaida ne. Ga yadda ya kamata: "Inna, muna neman sunan da za mu sa wa shinkafarmu. Zan faɗa miki uku. Ba wanda aka zaɓa tukuna, ki faɗi gaskiyarki." Daga nan ku yi shiru.

Shirun nan yana da wuya, na sani. Za ta tambaye ku, "To ke wanne kike so?" Ku ce, "Sai kin gama, Inna." Kada ku nuna wanda kuke so.

Tambayoyin uku ne, kuma a jere ake yin su. Ta farko: da kika ji sunan nan, me ya fara zo miki a rai? Ta biyu: maimaita mini shi. Ku saurara ko harshenta ya sarƙe ko ta canza kalmar. Ta uku: jera mini su, wanda ya fi, da mai bi masa, da na ƙarshe.

Abin da ta faɗa shi za ku rubuta, da kalmominta. In ta ce Matan Fada ya tuna mata da kifi, ku rubuta "kifi". Kada ku tsaya yi mata bayanin cewa kogin da ake gasar kamun kifi a garinku ne, don haka sunan na gida ne. Mai saye a Birnin Kebbi ba zai same ku tsaye kusa da buhu kuna bayani ba.

Kafin ku je wurin mutum na gaba, ku juya takardun. Wanda kuka fara karantawa ɗazu ya koma ƙarshe. Sunan farko da na ƙarshe sun fi zama a kunne, na tsakiya yakan ɓace, shi ya sa ake juyawa.

Shekara da shekaru ina faɗin wannan, amma duk aji sai an samu masu dawowa suna murna wai kowa ya zaɓi nasu. Da na bincika sai in tarar sun tara mutane wuri ɗaya, ko sun fara da yabon sunan. Haba, jama'a! In kun riga kun yanke, me ya sa kuke wahalar da mutane? Ku koma ku sake. Mutum ɗaya, shi kaɗai, kuma kada ku nuna wanda kuke so.

Darasi na 3: Ƙirga

Ku samo kwano 3, kowanne ku ajiye takardar suna ɗaya a gabansa, da tsakuwa 42. Sunan da mutum ya sa a gaba ya sami tsakuwa 3, mai bi masa 2, na ƙarshe 1. Kowane mutum tsakuwa 6 ke nan. In kun gama mutum 7 kuka ga tsakuwa ta rage a hannu, akwai wanda kuka tsallake.

A misalinmu Tsabar Kabi ya sami 16, Albarka 15, Matan Fada 11. Matan Fada ya fita, kuma littafi ya nuna dalili, domin mutum 4 sun ce kifi. Amma 16 da 15 ba rinjaye ba ne. Da mutum ɗaya ya sauya ra'ayi, da sakamakon ya juye. Kada ku sanar da komai tukuna.

Darasi na 4: Raba gardama

Ku bari a kwana. Washegari ku koma wurin mutanen ba tare da takarda ba, ku ce, "Wane suna kika tuna?" Ku rubuta wanda ta fara faɗa.

Sannan ku zaga kasuwa ku duba alluna da buhuna. A misalinmu an tarar da Albarka a kan shagon awo da injin niƙa da kantin magani. Yaron da aka aika sayen shinkafar Albarka zai iya dawowa da ta wani. Tsabar Kabi kuwa ba a gan shi ko'ina ba, don haka shi aka ɗauka.

Idan dattijon nan ko baƙon harshe ya ce suna yana da mummunar ma'ana, ku ajiye shi ko da ya fi kowa tsakuwa.

Darasi na 5: Bayan zaɓe

Kada ku buga buhu tukuna. In za ku yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni, CAC, tana iya ƙin sunan idan wani ya riga ku, don haka ku adana takardar suna na biyu.

Aiki: ku tambayi mutum 7, ku zo da littafinku da adadin tsakuwar kowane kwano a aji na gaba.