Babi na Bakwai: Wasiƙa Zuwa ga Kamfanin Manhaja Idan Rahoton Kaya Ya Yi Kuskure

Darasi na 1: Ku fara ƙirga kayan da hannunku

Da yawa daga cikin ɗaliban ajinmu na yamma suna riƙe da shagunan kayan masarufi a Kasuwar Barci da Kawo da Tudun Wada, kuma yanzu wasunsu suna da kwamfuta a kan teburin sayarwa, wadda take fitar da rasit, take kuma lissafa abin da ya rage a shago. Tsarin da yake yin wannan lissafi a cikin kwamfutar shi ake kira manhaja. Takardar da take nuna yawan kowane irin kaya da ya rage ita ce rahoton kaya, kuma a kan fuskar kwamfuta sau da yawa za ku ga an rubuta mata `Stock Report`.

Wata rana wani dattijo cikin ɗalibanmu, manajan wani shago, ya shigo aji ransa a ɓace. Rahoton kaya ya nuna masa cewa akwai katan 34 na taliya, shi kuwa ya shiga sito ya ƙirga har sau uku, yana ɗora tafin hannunsa a kan kowane katan, bai samu fiye da 31 ba. Har ya ƙudura zai cire kuɗin katan 3 daga albashin yaron shago, yaron da ya shekara huɗu a hannunsa ba a taɓa kama shi da ko ashana ba. Na roƙe shi ya dakata, domin zato zunubi ne, muka ɗauko rasit-rasit na ranar muka baje su a kan tebur.

Ga abin da muka gani. Da safe akwai katan 40. An sayar da 12, saura 28. Da la'asar wani mai saye ya dawo da katan 3 lafiyayyu, saboda ba irin taliyar da aka aike shi ya sayo ba ce. Kayan da aka dawo da su tara su ake yi a kan abin da ya rage, domin sun koma sito. Saboda haka 28 a tara 3 ya zama 31. Lissafin biro ya ba da 31, ƙirgar hannu ta ba da 31, manhaja ce kaɗai ta ce 34. Yaron bai ɗauki komai ba.

Kada ku ji tsoron wannan lissafi, tarawa ce da ɗebewa irin waɗanda muka yi tun a babin farko. Wanda ya iya ba da canji a kasuwa ya iya shi.

Darasi na 2: Lambobi uku

Wannan shi ne darasin da aka fi tuntuɓe a kansa, don haka za mu daɗe a nan. Kafin ku rubuta ko kalma ɗaya ta wasiƙa, ku ɗauki takarda ku rubuta lambobi uku, kowace a layinta: adadin da lissafinku ya bayar, adadin da kuka ƙirga a sito, da adadin da rahoto ya nuna. A misalinmu lambobin su ne 31 da 31 da 34.

Dalilin da ya sa nake nanata wannan shi ne, tazarar da ke tsakanin lambobin ita take nuna irin kuskuren. Da rahoto ya ce 28, da mun gane cewa manhajar ba ta lissafa katan 3 da aka dawo da su ba sam. Da ya ce 25, da mun gane cewa ɗebe su ta yi maimakon ta tara, kamar an sake sayar da su, shi ya sa giɓin zai zama 6, ninki biyu na abin da aka dawo da shi. Amma ya ce 34, wato ya haura gaskiya da 3 cif, daidai da yawan abin da aka dawo da shi, kuma wannan alama ce ta cewa an tara kayan sau biyu. Duk wannan ba zai fito ba sai lambobi uku suna jere a gabanku.

Yanzu ku ajiye littafin, ku faɗe su da baki: abin da lissafi ya bayar, abin da na ƙirga, abin da rahoto ya nuna. Ku sake faɗa. Wanda ya manta ɗaya kada ya ji kunya, ya duba ya sake.

Saura bincike biyu kafin a ɗora wa manhaja laifi. Na farko, ku tabbatar cewa sau ɗaya aka shigar da dawowar kayan. Yakan faru mai karɓar kuɗi ya shigar da su ta wurin da aka rubuta `Sales Return`, sa'an nan manaja ya zo daga baya, bai sani ba, ya ƙara su da hannu kamar sabon kaya. Idan haka ta faru, laifin na shago ne, kuma wasiƙa ba ta da amfani. Na biyu, ku gwada da wasu kayan. Ɗalibin namu ya duba sukari, wanda ba a dawo da ko ɗaya ba: akwai buhu 20, an sayar da 5, rahoto ya ce 15, daidai. Ya duba sabulu: akwai katan 50, an sayar da 10, an dawo da 2, sito yana da 42, rahoto ya ce 44. Nan ma ƙarin ya yi daidai da abin da aka dawo da shi. Ku lura cewa a kowane gwaji lambobin nan uku ya rubuta.

Darasi na 3: Wasiƙar kanta

A saman takarda ta hannun dama ku rubuta sunan shagonku da adireshi da kwanan wata. A ƙasa ta hannun hagu ku rubuta sunan kamfanin da ya sayar muku da manhajar. Ga yadda ɗalibin namu ya tsara tasa bayan mun gyara ta tare:

Zuwa ga Shugaban Sashen Kula da Abokan Ciniki,

Ranka ya daɗe,

KUSKURE A RAHOTON KAYA GAME DA KAYAN DA AKA DAWO DA SU

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ne manajan shagon da aka ambata a sama, a nan Kaduna, kuma muna aiki da manhajarku wajen sayarwa da lissafin kaya. Na rubuto ne domin in sanar da ku cewa `Stock Report` yana nuna adadin da ya fi abin da ke sito a duk lokacin da mai saye ya dawo da kaya.

Ranar Litinin da ta wuce mun buɗe shago da katan 40 na taliya. Mun sayar da 12, sa'an nan aka dawo da 3, muka shigar da su sau ɗaya ta `Sales Return`. Lissafinmu ya ba da 31, mun ƙirga 31 a sito, rahoto kuwa ya nuna 34. A ranar kuma muna da katan 50 na sabulu, mun sayar da 10, an dawo da 2. Lissafinmu ya ba da 42, mun ƙirga 42, rahoto ya nuna 44. Sukari, wanda ba a dawo da shi ba, lissafinsa ya fita daidai.

Na bincika na tabbatar babu wanda ya ƙara waɗannan kaya da hannu. A ganina manhajar tana tara kayan da aka dawo da su sau biyu, amma ku ne masana, za ku fi ni gane musabbabin. Na haɗo da hoton rahoton, da rasit na sayarwa, da rasit na dawowa, da lambar sigar manhajar.

Wannan kuskure ya kusa sa in zargi ma'aikacina, kuma yana hana ni sanin lokacin da ya kamata in saro kaya. Ina roƙon ku gyara shi, ku kuma gaya mini yadda zan daidaita lambobin da suka riga suka lalace. Na gode.

Naku,
Manajan Shago

Ku sake duba sakin layi na biyu. Sau nawa lambobi uku suka fito? Sau biyu, ɗaya na taliya, ɗaya na sabulu. Ma'aikacin kamfanin bai taɓa shiga shagonku ba, bai san sitonku ba, abin da kawai zai yi shi ne ya zauna a gaban tasa kwamfutar ya shigar da 40, ya sayar da 12, ya dawo da 3, ya ga ko shi ma 34 za ta ba shi. Idan ta ba shi, ya ga kuskuren da idonsa, gani kuwa ya kori ji.

A nan dole in yi muku faɗa kaɗan. Makon jiya na karɓi wasiƙun gwaji, kuma bayan duk nanatawar da na yi, wasunku sun cika shafi guda da gaisuwa da tambayar iyali, suka rufe da cewa "manhajarku ba ta aiki, ku zo ku duba." Wane sashe ne ba ya aiki? Wane kaya? Nawa kuka ƙirga? Wani ma ya ƙara da zagi da barazanar komawa wani kamfani, amma ko lamba ɗaya babu a takardarsa. Ku manya ne, kuna riƙe da dukiyar mutane, bai dace a riƙa maimaita muku abu ɗaya kamar 'yan firamare ba. Duk wasiƙar da ta zo mini babu lambobi uku zan mayar wa mai ita ba tare da na karanta ba.

Darasi na 4: Abin da ake haɗawa da wasiƙa

Ku ɗauki hoton rahoton da waya, ku tabbatar lambobin da kwanan wata suna karantuwa, hasken taga bai rufe su ba. Ku aika kwafin rasit, ku riƙe na ainihi. Lambar sigar manhaja, wato lambar da take nuna wane samfurin manhajar ne a kwamfutarku, galibi tana wurin da aka rubuta `About` ko `Version`, ku kwafe ta harafi da harafi. Kada ku rubuta kalmar sirrinku ta shiga kwamfuta a cikin wasiƙa. Kada kuma ku gyara lambobin rahoto da hannu kafin ku ɗauki hoton, domin shaidarku ce za ku goge.

Darasi na 5: Bayan an aika

Ku ajiye kwafin wasiƙar, ku rubuta ranar da kuka aika. Kafin gyara ya zo, ku riƙa rubuta duk kayan da aka dawo da su a littafi na dabam. Idan kamfanin ya ce ya gyara, ku sake gwajin da katan ɗaya.

Aikin gida: akwai galan 60 na man gyaɗa, an sayar da 15, an dawo da 4, rahoto ya nuna 41. Ku ɗauka cewa ƙirgar sito ta yi daidai da lissafinku. Ku rubuta lambobi uku, ku faɗi irin kuskuren, sa'an nan ku rubuta wasiƙar ku kawo ta ranar Alhamis.