Darasi na Bakwai: Zanen Lewis na Iskar CO₂

Iskar da muke fitarwa idan mun yi numfashi tana ɗauke da CO₂, wato atam ɗin kabon ɗaya da na oksijin biyu. Yau za mu zana yadda suke riƙe da juna, bisa hanyar da Gilbert Lewis, masanin kimiyya ɗan Amurka, ya fito da ita a 1916. Kowa ya tanadi takarda da fensir da ƙwayar wake.

Da ƙidaya ake farawa, kuma elektiron ɗin da ke zagayen waje na atam kaɗai ake ƙirgawa. Kabon yana da 4, kowane oksijin yana da 6, jimla 16. Ku ware wake 16, kowace ƙwaya a matsayin elektiron ɗaya. Wannan ne jarinku, ba ƙari ba ragi.

Ku rubuta C a tsakiya, domin bai kai oksijin ƙarfin jan elektiron ba. Ku ja layi ɗaya daga gare shi zuwa kowane O. Layi ɗaya wake biyu ne, don haka 4 sun tafi, saura 12. Ku raba wa kowane O shida, bibbiyu:

```
 ..      ..
:O - C - O:
 ..      ..
```

Wake ya ƙare, amma da sauran aiki. Kowane atam a nan yana neman takwas a kewayensa. O ya samu, shi kuwa C huɗu kawai yake da su. A nan ne masu koyo da yawa suke ƙaro ɗigo daga aljihu, jimla ta tashi 20. Kada ku yi haka. Ku ɗauki wake biyu daga kowane O, ku mai da su layi na biyu:

```
..      ..
O = C = O
..      ..
```

Ku sake ƙirgawa: layi huɗu 8 ne, ɗigo 8, sun cika 16.

Saura cajin lissafi. Ku ɗauki adadin da atam ya zo da shi, ku debe ɗigonsa, sannan ku debe layukan da suka taɓa shi. Kabon: 4 − 0 − 4 = 0. Oksijin: 6 − 4 − 2 = 0.

Wani zai ce, tunda ƙidaya ta cika, mene ne amfanin wannan? Ku gwada kwashe wake huɗun duka daga O ɗaya, ya zama layi uku a hagu, ɗaya a dama. Jimla tana nan 16, kowa yana da takwas. Amma O na hagu ya zama 6 − 2 − 3 = +1, na dama 6 − 6 − 1 = −1. Ƙidaya ba ta iya bambanta zanen biyu ba, caji ne ya bambanta su. Wanda cajinsa ya fi kusa da sifili shi ake ɗauka. Kuma idan aka tara cajin duka, dole a tashi da sifili, tunda CO₂ ba ta ɗauke da caji. In ba haka ba, akwai kuskure a zanen.

Aikin gida: ku zana ruwa, H₂O. Haidurojin yana zuwa da elektiron 1, biyu sun ishe shi, kuma ba ya zama a tsakiya.