Dirka goma ko goma sha ɗaya? Kurakuran da aka fi yi wajen ƙirge

Za ka ja shingen waya mai tsawon mita 30 a bakin gonarka, kana kafa dirka bayan kowace mita 3. Dirka nawa za ka saya? Yawancin mutane za su raba 30 gida 3 su ce 10. To, sai an zo kafawa a ga waya ta kai ƙarshen gona babu inda za a ɗaure ta.

Rabawar daidai ce, amma tazara ta ƙirga, ba dirka ba. Kowace tazara tana da dirkar da ke rufe ta, sai dai ta farko tana kuma bukatar wadda za ta buɗe ta. Shi ya sa a shingen da ya miƙe, mai farko da ƙarshe, dirkoki kan fi tazara da ɗaya: tazara 10, dirka 11.

Wanda ya koyi wannan kuma yakan zarce, ya riƙa ƙara ɗaya ko'ina. A ce garka ce za a kewaye, tsawo mita 30, faɗi mita 15. Kewayenta mita 90 ne, wato tazara 30. A nan dirka 30 ce cif, domin shingen ya zagayo ya haɗe, ta farko ita ce ta ƙarshe. Idan ka bi gefe-gefe ka samu 11, 6, 11, 6, jimilla 34, to ka ƙirga dirkokin kusurwa huɗu sau biyu ne. Cire su, ka dawo 30.

Haka yake a littafi. Daga shafi na 12 zuwa na 20 shafi 9 ne, ba 8 ba, tunda har na 12 za ka karanta.

Inda abin ya fi ɓoyewa shi ne a wurin masu rubuta manhaja, don kwamfuta ba za ta yi ƙorafi ba. Ga misali a Python, ɗaya daga cikin harsunan rubuta manhaja:

```python
for mita in range(0, 30, 3):
    print(mita)
```

Wannan zai buga 0, 3, 6 har zuwa 27, ya tsaya. Lamba goma ke nan, dirkar mita 30 ta ɓace, saboda `range` ba ya haɗawa da lambar da aka ba shi a matsayin iyaka. Gyaran shi ne `range(0, 31, 3)`.

Gwajin da na fi amincewa da shi shi ne ka ƙanƙanta lissafin har ka iya ganinsa da ido. Mayar da shingen mita 3 kacal. Idan lissafinka ya ce dirka ɗaya ta isa, ka san da gyara, don waya ba ta tsayuwa sai da biyu. A manhaja ma, kafin ka dubi tsakiya, duba lambar farko da ta ƙarshe da suka fito.