Kafin ka ɗauko AnimationController

'Yan uwa, a Flutter, idan akwati kawai kake so ya canza launi ko girma, AnimatedContainer ya wadatar. Ka ba shi duration, ka sauya ƙima cikin setState, shi zai riƙe motsin, ya kuma share bayansa da kansa.

Sai kana son motsi ya riƙa maimaituwa, ko ka tsayar da shi a tsakiya, sannan ka ɗauko AnimationController. To a nan ne ake samun matsala. Idan ka kira repeat() ka bar shafin ba ka rufe controller ɗin ba, Ticker ɗinsa, wato agogon da ke tura motsin, zai ci gaba da bugawa yana riƙe da State, don haka ƙwaƙwalwar wayar ba za ta kuɓuta ba. Shiga shafin sau 10, ka tara Ticker 10 suna cin batir. Maganin shi ne ka rufe controller ɗin a dispose():

```dart
@override
void dispose() {
  _controller.dispose();
  super.dispose();
}
```

Kula da jerin: _controller.dispose() ne farko, super.dispose() a ƙarshe. In ka juya su alhali motsi na gudana, a yanayin debug za ka ga "was disposed with an active Ticker". Kuma ka ƙirƙiri controller ɗin a initState, kada a build, domin build yana sake gudana sau da yawa.