Yadda na raba ranakun Hijira da na Miladiyya a rahoton wata

A shagon kawuna da ke Jidda, masu shigar da ciniki kowa da salonsa: wani 1445/09/03, wani ١٤/٠٣/٢٠٢٤. Sai rahoton Maris ya fito da giɓi, domin `pandas`, laburaren Python na sarrafa bayanai, ya mayar da ranakun Hijira `NaT`, wato babu kwanan wata, `groupby` kuma ya tsallake su shiru.

Na kasa aikin gida uku: karantawa, tsabtacewa, fitarwa. Wajen karantawa na sa `dtype=str`, wato komai ya shigo a matsayin rubutu, kada a taɓa komai tukuna. Wajen tsabtacewa lambobin Larabci suka koma 0-9, sannan duk shekarar da ba ta kai 1500 ba na ɗauke ta Hijira ce, na juya ta zuwa Miladiyya da laburaren `hijridate`. Layin da ya gagara, shafinsa daban. Kafin fitarwa, dole jimillar shafukan biyu ta yi daidai da ta asali, in ba haka ba aikin ya tsaya.