Yadda za ka tara adireshin imel ɗinka duka a akwatin Gmail guda

In kana da imel naka na kanka, ga na shago, ga kuma na ƙungiya don an ba ka sakatare, to ka san wahalar shiga wanga ka fita ka shiga wancan, har saƙo mai muhimmanci ya kwana uku ba ka gani ba. Ana iya sa duka su zubo wuri guda, kuma in za ka ba da amsa ta fita da sunan adireshin da aka turo ma saƙon. Mu ɗauka kai ɗan kasuwa ne mai sayar da albasa nan Sakkwato, kana tura kaya Legas da Ibadan, imel ɗinka na kullum sunanka@gmail.com ne, na sana'a kuma shagonka@gmail.com. Na farkon shi za mu mai da babban akwati.

Kafin komai, waɗannan saitin babu su cikin manhajar Gmail ta waya, mutane da yawa nan suke ɓata lokaci suna ta lalube. Kwamfuta za ka nema, ko ka buɗe Chrome a wayarka ka zaɓi Desktop site, rubutun zai yi ƙanana amma yana aiki. In kafe ka je, don Allah ka fita daga duka akawun biyun kafin ka tashi.

Na farko, a tura saƙo. Shiga akwatin shagon, ba babban ba. Danna alamar saiti a sama ta dama, sai See all settings, sai Forwarding and POP/IMAP, sai Add a forwarding address, ka rubuta sunanka@gmail.com. Google zai aika saƙon tabbatarwa zuwa babban akwatin, ka je can ka danna lin ɗin da ke ciki. To ga inda ake yawan tsayawa a zaci an gama, alhali ba a gama ba: sai ka koma akwatin shagon, ka sabunta shafin, ka zaɓi Forward a copy of incoming mail to, a gefensa ka bar keep Gmail's copy in the Inbox, sannan ka gangara ƙasa ka danna Save Changes. In ba ka danna wannan na ƙarshen ba duk aikin banza ne. Ni dai shawarata kar ka zaɓi a goge kwafin, saboda ranar da ka miƙa ma yaronka akawun ɗin shago ko aka samu gardama kan wata oda, kana son tarihin yana nan inda yake. Sababbin saƙonni kaɗai za su riƙa zuwa, tsofaffin suna nan inda suke, kuma abin da ya faɗa Spam ba a turo shi, don haka ka riƙa leƙa Spam na shagon ko sau ɗaya a sati. Sannan kar ka sa babban akwatin shi ma ya riƙa tura ma na shago, hanya ɗaya ake yi.

Na biyu shi ne aikawa da sunan shago, kuma wanga shi ne ya fi muhimmanci a wurina. Don in dila daga Legas ya rubuto ma shagon kai kuma ka amsa mishi daga imel ɗinka na kanka, a zamanin nan na 'yan damfara sai ya yi tunanin wani ne ya shiga tsakani, musamman in akwai lambar akawun ɗin banki a ciki. Yanzu babban akwatin za ka shiga, See all settings, sai Accounts and Import, ka nemo Send mail as ka danna Add another email address. Wajen suna ka sa sunan shagon yadda kake son kwastoma ya gani, wajen adireshi ka sa shagonka@gmail.com, ka bar alamar Treat as an alias tunda duka naka ne. Za a aika lambar tabbatarwa zuwa akwatin shagon, kuma tunda ka riga ka kunna turawa, nan babban akwatin za ka gan ta, shi ya sa na ce a fara da wancan.

In Gmail ya tambaye ka bayanin SMTP, wato hanyar da saƙo ke bi ya fita, ga shi:

```
smtp.gmail.com
587
TLS
```

Username shi ne cikakken adireshin shagon. Amma faswod ɗinka na kullum ba zai karɓa ba, sai ka kunna 2-Step Verification, wato tabbatarwa ta biyu bayan faswod, a akawun ɗin shagon, ka ƙirƙiri App password, wani faswod na musamman mai haruffa 16, ka liƙa shi nan. Ka riƙe wannan: duk ranar da ka canza faswod ɗin shagon, wancan mai haruffa 16 ya mutu, saƙonni za su fara dawowa da kuskure, sai ka yi sabo ka sa.

A ƙarƙashin jerin adireshin akwai ɗan zaɓi da ido ke tsallakewa, ka zaɓi Reply from the same address the message was sent to. Da wannan, amsar saƙon shago za ta fita da sunan shago da kanta. Sabon saƙo kuwa wanda kai ka fara, yana fita ne da adireshin da aka sa default, sai ka danna wajen From ka canza. A manhajar waya ma zaɓin zai bayyana bayan ka gama saitin, ka dai saba duba From kafin ka aika.

Yanzu komai ya cakuɗe wuri guda, saƙon ɗaurin aure da na oda, sai a ware. A wurin bincike na sama danna alamar da ke gefen dama, cikin To ka rubuta shagonka@gmail.com, sai Create filter, ka zaɓi Apply the label ka ƙirƙiri lakabi mai suna Shago. Ka ƙara da Never send it to Spam in ka ga saƙonnin da aka turo suna ɓacewa can.

Akwai kuma abin da ba ya buƙatar buɗe sabon akawun ko kaɗan. Gmail ba ya kula da duk abin da ka rubuta bayan alamar + kafin @, wato sunanka+kungiya@gmail.com da sunanka+banki@gmail.com duk akwatinka suke faɗowa, ba rijista ba komai. Ka ba 'yan ƙungiya adireshin na farko, ka yi mishi filter irin na sama, shi ke nan. Ɗigo ma haka, sunan.ka da sunanka abu ɗaya ne a adireshin gmail.com. Iyakarsa ita ce wasu fom ba su karɓar alamar +, kuma ba ya ɓoye ka, kowa ya duba ya ga asalin adireshinka. Saboda haka in ƙungiya ce da ake canza sakatare, gara a buɗe mata nata akawun a yi mata turawa kamar na shago, ranar miƙa mulki sai a cire adireshinka a sa na sabon, kai kuma ka goge nata daga Send mail as ɗinka.

Wajen gwaji kuma kar ka aika daga babban akwatin zuwa na shago kana jiran ya dawo, Gmail yana gane saƙon da kai ka aika ne, sau da yawa ba zai nuna shi a Inbox ba sai cikin Sent, sai ka zaci turawar ba ta yi ba ka koma kana warware abin da ke daidai. Ka sa ƙaninka ko maƙwabcin shago ya aiko ma shagonka@gmail.com daga wayarsa. Ka duba ya iso da lakabin Shago, ka amsa mishi, sannan ka karɓi wayar tasa ka danna kan sunan mai aikowa ka ga wane adireshi ya fito. In na shagon ne to ya zauna, in naka na kanka ya fito, koma Accounts and Import ka duba wancan zaɓi na Reply from.