Yadda Ake Rubuta Amsar Da Za Ta Sallami Mai Neman Soyayya Ba Tare Da An Ci Masa Fuska Ba

Akwai mutumin da ke lissafa gaisuwar yau da kullum a matsayin alamar so. Kin amsa sallamarsa da fara'a, kin tambayi jikin mahaifiyarsa lokacin da ta kwanta asibiti, kin ara masa littafi, shi kuwa ya tattara waɗannan duka ya yanke hukuncin cewa kina ciki. Mu ɗauki abin da ya fi faruwa: abokin aiki ne ko ɗan ajinku, mutumin kirki, ya sha yi miki hannunka-mai-sanda kina kauda kai, yanzu kuma ya fito fili ya rubuto cewa yana so ya turo magabatansa. Ba kya ra'ayinsa, ba kya kuma son ki wulaƙanta shi, ga shi gobe ma sai kun haɗu.

Fara da cire uzuri

Kafin ki rubuta komai, ki zubar da uzurorin da suka saba zuwa baki, domin su ne suke jawo maganar ta yi ta dawowa. In kin ce "karatu ne a gabana yanzu", abin da ya ji shi ne ya jira ki gama. In kin ce "sai na yi shawara da gida", kin nuna masa ƙofar da zai bi, sai ki ga ya fara kai gaisuwa wurin yayanki. "Na ɗauke ka kamar yayana" ma ba ta da ƙarfin da ake zato, tunda a ƙasar Hausa auren zumunci ba baƙon abu ba ne, yana iya ce miki ai hakan ya fi. Ƙaryar cewa an yi miki miji ita ce mafi muni, saboda a wurin aiki ɗaya ko unguwa ɗaya ba ta wata uku ba ta tonu ba, kuma ranar da ta tonu zai ɗauka cikas ɗin ya kau.

Shiru ma ba ya raba gardama. An saba da cewa budurwa ba ta cika furta amincewa da baki ba saboda kunya, don haka mai irin wannan fahimta zai fassara shirunki da kunya, ya fassara kauce-kaucenki da jan aji. Dole kalmar ƙi ta fito a rubuce, a jimla guda wadda ba ta ɗaukar fassara biyu.

Abin da wasiƙar za ta ƙunsa

Layi shida zuwa takwas sun isa. Doguwar wasiƙa ita kanta alamar damuwa da mutum ce, kuma kowace jimla ta ƙari wuri ne da zai tsaya ya yi jayayya. Sallama da gajeriyar gaisuwa, sai godiya ɗaya, sai amsar, sai gyaran fahimtarsa game da fara'arki, sai yadda mu'amala za ta kasance nan gaba. Ga yadda za ta iya fita:

*Assalamu alaikum Malam. Ina fata kana lafiya. Saƙonka ya iso, na kuma gode da ka bi hanyar mutunci ka faɗi abin da ke ranka. Amsata ita ce ba zan iya amincewa da wannan magana ba, kuma ba abu ne da lokaci zai canza ba, don haka ina roƙonka kada ka turo kowa gida. Gaisuwa da sakin fuskar da ka gani a wurina haka nake yi wa duk abokan aiki, ban taɓa nufin wani abu da ya wuce haka ba. Za mu ci gaba da gaisawa da yin aiki cikin girmama juna, amma ina so maganar nan ta tsaya a nan. Allah ya haɗa ka da wadda za ku dace. Wassalam.*

Ki lura da inda amsar ta zauna: a jimla ta huɗu, kafin ya yi nisa da karatu. Masu tausayi sukan jera yabo tukuna, kai mai addini ne, kai mai hankali ne, kowace mace za ta so irinka, sannan su saƙala ƙin a ƙarshe. Wanda ya riga ya saba karanta abin da yake so zai riƙe yabon ya watsar da sauran, har ya tambaye ki, to in haka ne me ya hana? Yabo ɗaya na gaskiya ya wadatar, kuma ya kasance a kan yadda ya gabatar da maganar, ba a kan kyansa ko halinsa ba.

Ki kula da addu'ar rufewa. "Allah ya zaɓa mana mafi alheri" addu'a ce mai kyau, sai dai "mana" ɗin ta haɗa ku wuri guda, kuma ita ce ake yi idan magana tana nan da rai. Ki yi masa addu'ar da ta nuna wata mace daban. Haka kuma kada ki ba da haƙuri fiye da sau ɗaya, in ma za ki bayar. Yawan "ka yi haƙuri" yana sa ya ga kamar kina jin kin yi laifi, sai ya shiga lallashi. Ki kira shi da "Malam" ko sunan da kowa ke kiransa da shi a wurin aiki, ban da sunan wasa.

Aikawa

Kada ki wuce kwana 2 ko 3, domin jinkiri yana kama da nazari. Ki tura da rana, tsakanin azahar da la'asar misali, ba bayan isha'i ba, lokacin da aka san na hirar masoya ne. In ta WhatsApp ne, ki tura rubutu guda ɗaya dunƙule, babu hoton fure ko na fuska mai hawaye, kuma ba saƙon murya ba, saboda murya takan yi laushi ko rawa, shi kuma zai yi ta maimaita saurare yana neman abin da ba ki faɗa ba. In takarda ce, a saka ta a ambulan a liƙe, kada a ba yaro ko ƙawa mai surutu. Rufin asirinsa rabin kyautatawar ne: kada ki nuna wa 'yan ofis abin da ya rubuto.

In akwai kyautar da ke da kamar toshi, turare ko atamfa ko kuɗi, ki mayar tare da amsar, da layi ɗaya cewa bai dace ki riƙe ba. Katin waya da aka riga aka yi amfani da shi ba sai an bi lissafinsa ba, amma kada ki sake karɓar wani.

In ya sake dawowa

Yawanci zai rubuto yana neman dalili, ko ya ce ki ba shi dama ko ta wata ɗaya ce. Ki amsa sau ɗaya tak: "Na riga na ba ka amsa, kuma ba ta canza ba." Kada ki shiga kawo dalilai, don duk wanda kika kawo zai yi alkawarin gyarawa. Daga nan halinki ne zai tabbatar da wasiƙar. Ki riƙa gaishe shi a gaban mutane kamar kowa, ki daina hira ta ku biyu da amsa saƙon dare. Wasu tausayi kan kama su in sun ga ya shiga damuwa, sai su ƙara masa kulawa don su wanke kansu, wannan kuwa shi ke mayar da aiki baya.

Idan ya wuce nan, yana tare ki a hanya, yana kira da sababbin lambobi, ko maganarsa ta fara ɗaukar barazana, lamarin ya fi ƙarfin wasiƙa. Ki adana saƙonninsa da kwafin amsarki, ki toshe lambarsa, ki sanar da yayanki ko kawunki, ko shugaban wurin aikin in a can abin yake faruwa, su yi masa magana da kansu.